Lambar asusu a tsakiyar ajami: inda hoto ke rikita lissafi

Sanarwar da a da ake mannawa a bangon masallaci, yau hotonta ake ɗauka a tura ta WhatsApp. A ƙasar Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi karatu da rubutu, irin wannan takarda ba kasafai take zuwa da rubutu iri guda ba. Basmala da sunan makaranta da Larabci ne, jawabin yana iya zama ajami, sunan banki da boko, sai kuma lambar asusu. Cakuɗar ba baƙuwa ba ce. Ga ta a aljihun kowa, a takardar naira 500: ajami yana tafiya daga dama, Turanci da adadi daga hagu. Abin da ya sauya shi ne yadda tura kuɗi ta waya ya yawaita, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har ya zama lambar da ke cikin hoton ita ake kwafa a biya.

Hoto yana adana wurin da kowane harafi ya zauna, amma ba ya adana wanda aka fara rubutawa. Mai karatu ne ya san cewa idan yana bin layin Larabci daga dama ya ci karo da adadi, sai ya tsallaka zuwa hagunsa ya karanto shi, sannan ya ci gaba. Na'ura kuwa ƙa'idar Unicode take bi, kuma a nan ne ake tuntuɓe.

A ce wata Islamiyya a Malisa tana neman gudummawar rufin aji. Lambar asusu a Najeriya alƙaluma 10 ce, sai mai buga takardar ya rarraba ta don sauƙin karatu: 012 345 6789. Ya sa ta a ƙarshen jimlar Larabci. A ƙa'idar, kowane rukunin alƙaluma yana tafiya daga hagu zuwa dama, amma filin da ke tsakanin rukuni da rukuni ba shi da alƙibla ta kansa, ta maƙwabtansa yake ara. Tunda jimlar daga dama ta taso, rukunonin ma sai su jeru daga dama. Abin da ido zai gani daga hagu shi ne 6789 345 012. Babu alƙalami ɗaya da ya ɓace, adadinsu goma cif, amma asusun wani ne daban, ko kuma babu shi sam. Idan an buga haka aka ɗauki hoto, kuskuren ya daskare. Ko takardar ta fito daidai, wanda ya sa waya ta ciro rubutun daga hoton ya manna a layin Larabci zai iya ganin wannan juyin.

A ganina wannan ya fi kuskuren haruffa hatsari. Kalma idan ta karye, ɗan makarantar allo ma zai gane. Manhajar zane da ba ta san Larabci ba takan warwatsa haruffa, kowanne tsaye shi kaɗai, alif da lam su koma hagun kalma, kuma daga nesa ana ganin ɓarnar. Haka rubutunmu na warash, mai fa da ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama: manhajar da ta saba da bugun Gabas sai ta ɗauki ƙaf a matsayin fa, amma malami yana dubawa zai gyara. Lamba fa? Ba ta da ma'anar da za ta tona asirin kuskurenta. Lambar waya ta ɗan fi sauƙi, domin tamu da sifili take farawa, kamar 080 ko 070, don haka idan aka ga wannan rukunin a ƙarshen dama an san ta juye. Asusu ba shi da irin wannan tambari.

Maganin yana hannun mai bugawa tun kafin a ɗauki hoto. Ya haɗe alƙaluman goma ba tare da fili ba, sai su tafi a matsayin abu guda. Ko ya ba lambar layinta ita kaɗai, mai farawa daga hagu. Ko ya sa kalmar boko dab da gabanta, kamar sunan bankin, domin adadin da ya biyo bayan harafin boko alƙiblarsa yake bi, har da filayen tsakani. Masu aikin kwamfuta suna da wata alama da ba a gani, U+200E, mai yin wannan aikin, sai dai takan faɗi a hanya wajen kwafa.

Shi kuma mai biya, ya bar hoton a buɗe, ya shigar da lambar da hannunsa, ya jira sunan mai asusun ya fito a waya ko a POS. Idan sunan bai yi daidai da wanda ke kan takardar ba, ya dakata ya kira mutanen makarantar.