Riba miliyan 100, haraji miliyan 25.5: ina sauran?

A Najeriya babban kamfani yana biyan harajin kashi 30 cikin ɗari na ribarsa. Amma mai hannun jarin da ya buɗe rahoton shekara ya lissafa da kansa, da wuya adadinsa ya zo daidai da wanda kamfanin ya rubuta. Dalili shi ne, ribar da akanta ya fitar daban, ribar da dokar haraji ta amince da ita daban. Shi ya sa ƙa'idar lissafi ta duniya mai suna IAS 12 ta wajabta wa kamfani ya kawo ɗan jadawali da zai bayyana bambancin, layi bayan layi.

A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa ya ci ribar naira miliyan 100 kafin haraji. Jadawalin zai fara da miliyan 30. A cikin shekarar an ci kamfanin tarar miliyan 5 saboda saɓa doka. Akanta ya cire ta daga riba, domin kuɗin sun fita, amma hukumar haraji ba ta yarda a cire tara ba. Sai a ƙara kashi 30 na miliyan 5, wato miliyan 1.5. Kamfanin kuma ya karɓi miliyan 20, rabonsa na riba daga hannun jarin da yake da shi a wani kamfanin cikin gida. An riga an yanki haraji a kan wannan kuɗi tun kafin su iso, ba za a sake ba, don haka a rage miliyan 6. Abin da ya rage miliyan 25.5 ne, wato ainihin harajin da kamfanin ya ɗauka kashi 25.5 ne cikin ɗari.

Inda mutane da yawa ke ruɗewa shi ne batun injuna. A ce rangwamen da doka ta bayar kan sabon inji ya zarce abin da akanta ya cire na tsufan injin da miliyan 10. Bana kamfanin zai miƙa wa hukuma miliyan 22.5 kawai. To amma miliyan 3 ɗin nan ba yafe su aka yi ba, jinkirta su aka yi, za su dawo idan rangwamen ya ƙare. Akanta yana rubuta su a matsayin harajin da aka jinkirta, jimilla ta koma miliyan 25.5. Saboda haka inji ba ya fitowa a jadawalin ko kaɗan.

A ganina, layuka biyu ne suka fi cancantar a zuba musu ido. Idan gyaran harajin bara yana bayyana kowace shekara da adadi mai nauyi, ƙiyasin kamfanin ba shi da inganci. Idan kuwa layin "sauran abubuwa" ya fi waɗanda aka ambata da suna girma, mai hannun jari yana da haƙƙin ya tashi a taron shekara ya nemi a faɗa masa abin da ke ciki.