Saniya mai tozo, zafin rana da ƙudan tsando

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, garken Bunaji da Bokoloji na iya wuni a fili suna tsinkar ɗan abin da bazara ta rage, su taka tafiya mai nisa zuwa mashaya, su dawo ruga da yamma suna tuƙa. Idan aka ajiye saniyar Turai irin ta Firisiyan, mai baƙi da farin nan, a wuri ɗaya da su, kafin azahar za ta bar cin abinci, ta tsaya a inuwa baki buɗe tana haki, yawu na dalala. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tozo ne sirrin, wai ma'ajiya ce kamar ta raƙumi. An gwada wannan zato tun a shekarun 1950 a Amurka, inda masu bincike suka yi wa wasu bijimai masu tozo 'yan asalin ƙasar Sindi tiyata, suka cire tozon da fatar da ke reto a ƙarƙashin wuya. Bijiman suka ci gaba da daidaita zafin jikinsu kusan yadda suka saba. Tozo nama ne da kitse, kuma mahauci ya san darajarsa, amma ba shi ke sanyaya saniya ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, rana ba ita kaɗai ke gasa saniya ba. Jikinta ma yana haifar da zafi. Ciyawar da ta haɗiye tana tsimuwa a cikin babban tumbinta, tsimuwar na fitar da zafi, haka ma aikin mayar da abinci madara. Jikin saniya mai lafiya yana zaune ne a wajen digiri 38 da rabi, kuma duk zafin da ya ƙaru dole ta fitar da shi.

A kwatanta shanu biyu. Firisiyan mai nauyin kilo 600 da ke ba da lita 30 a rana tana cin abincin da ya kai kilo 20 idan an cire ruwan da ke cikinsa, kuma a lokacin zafi tana iya shan fiye da lita 100 na ruwa. Bunaji mai kilo 300 tana cin kamar kilo 7 ko 8, mai tatsa ya samu lita 2 ko 3 bayan maraƙi ya sha. Ko da an yi lissafi kilo da kilo, jikin mai tozo yana aiki a hankali, yana haifar da zafi kaɗan. Ita kuwa Firisiyan an daɗe ana zaɓen iyayenta saboda madara a ƙasar Holan mai sanyi, inda zafin ciki alheri ne. Shi ya sa tun zafi na wajen digiri 25 take fara takura, musamman idan iska na da laima. Dabarar farko da jikinta ke yi ita ce rage cin abinci, madara kuma ta bi baya. A nan ne masu sayen shanun waje kan ruɗe: suna ganin saniya ta rage ci sai su nufi shagon magani, alhali inuwa da ruwa da iska take nema. Gwajin ba shi da wuya. A tsaya a ƙirga motsin haƙarƙarinta na minti ɗaya. Numfashi 20 zuwa 40 lafiya ne. Idan ya wuce 60 zafi ya fara cin ta, idan ya doshi 100 kuma baki a buɗe, to an shiga haɗari.

Bayan ƙarancin zafin da take haifarwa, mai tozo ta fi iya fitar da wanda ke akwai. Babbar hanyarta zufa ce. Jakunkunan zufa da ke cikin fatarta sun fi girma, sun fi kusa da sama, kuma idan zafi ya tashi suna ƙara aiki da sauri. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo da iska ke busarwa, haka zufa ke ɗauke zafi daga jinin da ke gudana ƙarƙashin fata. Gashin ma yana da nasa aikin: gajere ne, mai santsi da sheƙi, kwance a jiki, don haka iska na taɓa fata, zufar ta bushe a inda take da amfani. Gashin shanun Turai ya fi tsawo da kauri, yana riƙe ɗumi da laima. Bunaji kuma ta haɗa abu biyu masu kyau, farin gashi da ke mayar da hasken rana, da baƙar fata a ƙarƙashi da ke kare ta daga ƙuna. Saniyar da ba ta iya zufa sosai sai ta koma haki, haki kuwa aiki ne, yana cin ƙarfi, kuma mai haki ba ta kiwo.

Juriyar ta kai har cikin ƙwayoyin halitta. A gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Fulorida, an ɗumama 'yan tayin shanu masu 'yan kwanaki zuwa digiri 41 a ɗakin bincike, inda ba zufa ba gashi, sai na masu tozo suka fi na shanun Turai rayuwa. Wannan na cikin dalilan da ke sa Firisiyan ta riƙa karɓar barbara a lokacin bazara ba tare da ciki ya zauna ba.

Duk wannan da kuɗinsa, kuma da madara ake biya. Jikin da ke aiki a hankali ba ya cika ƙwarya, karsana kan daɗe kafin haihuwar fari, kuma yawancin masu tozo ba sa sakin nono sai maraƙi na kusa. Shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana haɗa Firisiyan da Bunaji. Ruwa-biyun farko, rabi da rabi, tana ninka madarar uwarta kuma tana jure zafi daidai gwargwado. Matsalar kan zo ne idan aka ci gaba da zuba jinin Turai har ya wuce kashi uku cikin huɗu ba tare da an ƙara inuwa, ruwa, dusa da maganin kaska ba. A ganina, wanda ba shi da rijiya da rumfa bai kamata ya wuce rabi ba.

Sai dai wannan saniya da ta gagari rana tana da abin da ke kayar da ita. Makiyayin da ya gangara kudu da garkensa, ya shiga kurmi da bakin rafuka masu duhuwa, ya san ƙudan tsando, ya kuma san sammore. Ƙudan yana tsotsar jinin dabbar daji ko saniya mai ɗauke da cutar, ya kai ƙananan halittun da ke haddasa ta cikin jinin wata. Danginsu ne ke jawo wa mutane ciwon barci. Yankin da tsando ke zaune a Afirka ya kai wajen murabba'in kilomita miliyan 10, a ƙasashe fiye da 30. Halittar tana da wayo: tana sauya rigar da ke lulluɓe da ita, ta yadda duk lokacin da garkuwar jiki ta gane ta ta far mata, wasu sun riga sun sa sabuwar riga. Don haka zazzaɓi ke zuwa yana tafiya, don haka kuma har yau babu allurar rigakafinta. Abin da ke kashe saniyar shi ne ƙarewar jini. Za a ga tana ramewa ko da tana ci, gashi ya tashi, ido na hawaye, kaluluwa ta kumbura, idan aka buɗe fatar ido ko dasashi a gan su fari fat. Likitan dabbobi kan auna kason jajayen ƙwayoyi a jini: a saniya mai lafiya yana wajen 30 cikin 100 ko sama, a wadda sammore ya ci yana iya faɗuwa ƙasa da 20. Akwai magunguna, Beranil na warkarwa da Samorin na kariya na 'yan watanni, amma dukkansu tsofaffi ne, sun haura shekara 50, kuma yawan yin allurar da ba ta cika awo ba ya sa cutar ta fara ƙin jin su a wurare da dama.

A cikin wannan yanki na tsando ne ake samun shanun da ake kira masu jure sammore. Fitacciyarsu ita ce Ndama, 'yar asalin tsaunukan Futa Jalon a Gini, ja-ja, mai ƙaho, tsayinta bai wuce mita ɗaya da kaɗan ba. Sai Muturu ta kudancin Najeriya, wadda ba ta ma kai mita ba, da 'yan uwanta gajerun ƙaho irin su Bawule a Kodebuwa, Somba a Benin da Togo, da Namci a arewacin Kamaru. Keteku ta ƙasar Yarabawa da Borgu ruwa-biyu ce tsakanin Muturu da masu tozo, juriyarta ma tsaka-tsaki. Abin mamaki, babu mai tozo a cikin tsantsarsu. Ta fuskar asali sun fi kusa da shanun Turai, domin kakanninsu ɗaya, shanun da aka fara horarwa a Gabas ta Tsakiya shekaru kusan 10,000 da suka wuce. Masu tozo daga kwarin kogin Indus suka fito, suka shigo Afirka ta gabas daga baya. Marasa tozon sun riga su zama da tsando da dubban shekaru, wadanda ba su iya jurewa ba suka mutu, sauran suka hayayyafa. Sun kuma saba da zafi a kan hanya, wanda ke ƙara nuna tozo ba sharaɗi ba ne. Rashin tozo shi ma ba shaida ba ne, domin Kuri ta tafkin Chadi ba ta da shi, kuma sammore na kama ta.

Jurewa ba ta nufin cutar ba ta shiga. Tsando na cizon Ndama, halittar na shiga jininta. Bambancin shi ne jikinta na danne yawansu da wuri, kuma jininta, ko ya ragu, yana tsayawa ya farfaɗo ba tare da magani ba, tana ci gaba da haihuwa. An taɓa tunanin sabo ne kawai da maraƙi ke samu tun yana ƙarami. A 1983 masu bincike suka ɗauki 'yan tayin Ndama daga Gambiya suka dasa a mahaifar shanun Boran masu tozo a Kenya. Maruƙan da aka haifa ba su taɓa haɗuwa da tsando ba, amma da aka sa musu cutar tare da maruƙan Boran, su ne suka jure. Abin gado ne.

Gadon ma yana da iyaka. Ndama da ta sha yunwa a ƙarshen rani, ko aka tsananta mata huɗa, ko tana goyon ciki a wurin da ƙuda ya yi yawa ƙwarai, tana iya kwantawa kamar kowace. Tana kuma jure kaska da kirci fiye da sauran shanu, amma madararta ba ta wuce lita ɗaya ko biyu, jikinta ƙarami, don haka a kara ba ta jan ido kusa da Bokoloji. Ga shi yanzu ana sare dazuzzuka, tsando na ja da baya a wasu wurare, garkunan masu tozo na zama a kudu suna dogaro da allura, manoma kuma na neman babban bijimi ya hau 'yan shanunsu. Kowane irin wannan barbara yana ƙara girman maraƙi, yana rage masa juriya, kuma Muturu tsantsa ta riga ta yi ƙaranci a garuruwan da a da kowane gida ke da ita.