Daga Takardar Asibiti Zuwa Kunnen Inna: Yadda Ake Tsara Saƙon Murya

A gidaje da yawa akan sami mutum ɗaya da aka ɗora wa karatun takardu. Idan tsohuwa ta dawo daga asibiti da wata 'yar farar takarda, sai jikanta ya ɗauki hoton takardar da waya ya tura wa ɗanta da ke aiki a birni, shi kuma ya karanta ya mayar da bayani ta saƙon murya a WhatsApp. Galibi abin da yake yi shi ne ya danna alamar makirufo ya bi takardar daga sama har ƙasa, yana karantawa yana fassarawa, yana "am... to... bari in gani". Sai saƙon ya kai minti uku, ranar zuwa asibitin kuma ta nutse can a tsakiya, tsakanin sunan sashe da lambar kati.

Matsalar ba ta rashin iya Turanci ba ce. Takarda don ido aka tsara ta, ido kuwa yana tsallake abin da bai dame shi ba, ya koma baya ya sake duba kwanan wata sau uku in ya ga dama. Kunne ba ya haka. Abin da ya wuce ya wuce, kuma dattijuwar da aka miƙa wa waya ba za ta ja ɗigon nan baya ta nemo daƙiƙar da aka ambaci lokaci ba. Don haka aikin ya wuce fassara. Sai an warware takardar, an zaɓi abin da za a faɗa, an sake jera shi yadda kunne zai riƙe, sannan a rubuta shi a gefe kafin a taɓa makirufo.

Mu ɗauki misali. A ce takardar ta ƙunshi sunan asibiti da tambarinsa, sunan majiyyaciya, lambar katinta mai tsawo, sunan sashe a taƙaice MOPD, kwanan wata 12/05/2026, lokaci 8:00am, da gwajin da aka rubuta FBS. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an ce a iso rabin awa kafin lokaci, kada a ci komai daga ƙarfe goma na daren da ya gabata, a zo da kati da magungunan da ake sha. Sai lambar wayar da za a kira idan ba za a samu zuwa ba.

Tambayar farko da mai tsara saƙo zai yi wa kansa ita ce: me Inna za ta yi da jikinta? Za ta tashi wata rana, ta je wani wuri a wani lokaci, ba ta karya ba, riƙe da wasu abubuwa. Duk abin da bai shiga cikin wannan ba, ba na murya ba ne. Lambar kati tana jikin kati, in an ce ta riƙo katin an gama. Sunan asibiti ta fi kowa saninsa. Haruffan FBS ba za su amfane ta da komai ba, abin da take bukata shi ne ta san ɗibar jini ce ta gwajin suga, wadda ake yi kafin a ci abinci. Lambar waya kuwa a tura ta a rubuce a ƙarƙashin saƙon, domin ba mai riƙe lamba goma sha ɗaya daga ji ɗaya.

Kwanan wata shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa sannan wata, saboda haka 12/05 na nufin 12 ga Mayu. Amma wasu na'urori suna bin tsarin Amurka mai fara kawo wata, inda wannan rubutu zai zama 5 ga Disamba. Idan akwai shakka, a dubi ranar da aka bayar da takardar, a ga yadda aka rubuta ta. Bayan an tabbatar, a buɗe kalanda a nemo ranar mako, domin takardu da yawa ba sa kawo ta, alhali da ita mutane suke rayuwa. 12 ga Mayun 2026 Talata ce. Ambaton Talatar yana yin wani aiki kuma: "sha biyu" da "sha biyar" sun yi kama a kunne, musamman a ƙaramar waya mai shaƙaƙƙiyar murya, amma 15 ga watan Juma'a ce, don haka wanda ya ji Talata ba zai ruɗe ba. Ga wadda ba ta saba da sunayen watannin Turawa ba, a ƙara da "watan biyar". Ana iya jingina ranar da abin da ta sani, a ce kamar mako biyu ke nan kafin Babbar Sallah, amma kada a mayar da ita kwanan watan Musulunci kaɗai, tunda ganin wata kan sa lissafin ya goce da kwana ɗaya.

Su "gobe" da "jibi" da "Talata mai zuwa" a bar su gaba ɗaya. Ana fahimtarsu ne daga ranar da aka faɗe su, saƙon murya kuwa ba a san ranar da za a saurare shi ba. Mai wayar yana iya kwana biyu ba data, ko wayar ta kwana wurin masu caji. "Jibi" da aka faɗa ranar Lahadi, in aka ji shi ranar Litinin, ya zama Laraba.

Lokaci ma guda ɗaya za a faɗa. Takardar ta kawo biyu, ƙarfe takwas da kuma rabin awa kafinsa. Idan aka ambaci dukansu, na ƙarshen da aka ji ko wanda ya fi daɗi shi za a riƙe. Mai tsara saƙo ya yi lissafin da kansa, ya ce bakwai da rabi na safe, ya haɗiye takwas ɗin.

Sai batun rashin cin abinci, inda fassarar kai tsaye take yin ɓarna. Wanda ya ce wa tsohuwa "ki yi azumi" ya gaya mata ta tashi ta yi sahur da asuba, sannan ta kame baki har daga ruwa. Wannan kishiyar abin da ake so ne. Gwajin yana bukatar aƙalla awa takwas ba abinci, ruwa zalla kuma ba ya ɓata shi. Haka nan "daren Talata" a bakin mutanenmu da yawa daren da zai waye Talata ne, kamar yadda daren Juma'a yake faɗowa ranar Alhamis bayan magariba, amma wani ɗan boko zai ɗauka daren bayan Talatar ake nufi. Mafita ita ce a kwatanta aikin da kansa: ranar Litinin bayan tuwon dare. Kuma a kira abubuwa da sunansu, domin a wurin mutane da yawa koko da shayi da goro ba "abinci" ba ne. Idan takardar ba ta ce komai ba game da shan maganin safe, kada mai karatu ya yanke hukunci da ka. Maganin suga a cikin da ba komai yana iya sauke suga ƙasa fiye da kima. A kira lambar da ke jikin takardar a tambaya, sannan a sa amsar a saƙo.

Ga yadda rubutun zai iya fitowa, da lambobinsa a rubuce da kalmomi yadda baki zai furta su:

"Salamu alaikum Inna, ina wuni? Maganar komawa asibiti ce. Ranar Talata za ki koma, sha biyu ga Mayu, watan biyar. Ki kasance a can ƙarfe bakwai da rabi na safe. Za a fara ɗibar jini, sannan ki ga likita. Saboda ɗibar jinin, ranar Litinin bayan tuwon dare, daga ƙarfe goma kada ki ƙara cin komai. Da safe ma ba koko, ba shayi, ba goro. Ruwa kuwa ki sha abinki. Ki riƙo abu uku: katin asibiti, da magungunan da kike sha a cikin kwalayensu, da ɗan abin karyawa na bayan ɗibar jini. In kun shiga, a tambayi wurin ɗibar jini. Na maimaita: Talata, sha biyu ga Mayu, bakwai da rabi na safe, ba a karya ba. In kin ji, ki turo mini ki faɗa mini ranar da lokacin. Allah ya ƙara lafiya."

Wannan minti ɗaya ne ko ƙasa da haka kaɗan, in an karanta a natse. A lura cewa kowace jimla abu ɗaya ta ɗauko, ana iya faɗarta da numfashi ɗaya. An faɗi dalili kafin hani, saboda wanda ya san don me aka hana shi koko ya fi kiyayewa. An ce "abu uku" kafin a lissafa, don in ta tuna biyu ta san saura ɗaya. Gaisuwa tana nan, ba a aika wa uwa saƙo ba sallama, amma an taƙaita ta. Tambayar mutanen gida da labarin damina su samu nasu saƙon daban, wannan a bar shi tsaf, domin shi za a sake kunnawa ranar Litinin da dare.

Akwai kuma abin da aka ƙi faɗa da gangan: sunan ciwo. Wayar sau da yawa ta jika ce ko ta maƙwabci, kuma a tsakar gida ake kunna saƙo kowa yana ji. A gwajin suga abin da sauƙi, amma akwai asibitin da ambaton sashensa kaɗai tonon asiri ne. A irin wannan, "ranar komawarki wurin likita" ta wadatar.

Kafin a tura, a saurari abin da aka naɗa. WhatsApp yana ba da damar tsayar da naɗi a ji shi tukuna. A kashe fanka, a matsa daga janareta, a sassauta murya a kan rana da lokaci. Wurin da harshe ya sarƙe a karatu, jimlar ce ta yi tsawo, a raba ta biyu a sake naɗa duka. Gyara a tsakiyar saƙo, irin su "Laraba... a'a, Talata", yana bar wa mai sauraro ranaku biyu a ka.

Alamar makirufo ta koma shuɗiya ba ta nuna komai sai cewa an kunna saƙon. Tambayar "kin gane?" ma ba ta da amfani, amsarta kullum "na gane" ce, ko don kara. Shi ya sa rubutun ya nemi ta faɗi ranar da lokacin da bakinta. Idan amsa ta dawo "to, Talata bakwai da rabi, ba zan karya ba", an dace. Idan ta dawo "to Allah ya kai mu, zan yi azumin", an gano inda aka goce tun da sauran lokaci, sai a kira ta kai tsaye.

Idan asibiti ya ɗaga ranar, tsohon saƙon yana nan a waya, kuma ana iya kunna shi bisa kuskure. Sabon saƙo ya fara da canjin tun kafin komai: "Inna, an canza ranar asibiti, a bar saƙon farko." A faɗi sabuwar ranar sau biyu ba tare da an sake ambaton tsohuwar ba, a gyara daren da za a daina cin abinci ya dace da ita, sannan a ce wa mai wayar ya goge na farkon.