Yadda ake rage hasken fitilar LED da gudun fanka ba tare da asarar wuta ba

A gidajen da ke dogara da sola, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ana so batir ya kai asuba. Shi ya sa hanyar da ake bi a rage gudun fanka ko hasken fitila take da tasiri a kan caji.

Tsohuwar hanya ita ce a sa rezista a kan waya ta tare wani ɓangare na wutar. A ɗauki fanka mai bolt 12 da ake so a ba ta bolt 6 kawai, tana jan rabin amfiya. Rezistar za ta riƙe sauran bolt 6 ɗin, wato wat 3 ya tafi fanka, wat 3 ya zama zafi. Rabin abin da batir ya bayar ya tafi a banza.

Hanyar da ake rubutawa PWM a jikin na'urori, ko MLI da Faransanci, ba ta tare wutar. Kunnawa da kashewa take yi da sauri, ta hanyar taranzista irin MOSFET. Idan ana yin haka sau 1,000 a daƙiƙa, kuma a kowane zagaye wuta na kunne kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin, fitila mai wat 10 za ta ci kimanin wat 2.5. Ido ba ya iya bin wannan ƙiftawa, sai ya ga haske mai rauni kawai. Ita ma fanka, nauyin fukafukanta na sa ta ci gaba da juyawa a ɗan lokacin da aka yanke wutar.

Dalilin ƙarancin asarar shi ne zafi na fitowa daga bolt ɗin da ya tsaya a kan abu, a ninka shi da wutar da ke ratsa shi. In taranzistar na kashe, babu wutar da ke wucewa. In tana kunne, kusan babu bolt da ke tsayawa a kanta: mai om 0.05 da amfiya 1 ke ratsawa, wat 0.05 kacal take ɓatarwa. Sai ɗan abin da ke salwanta a daidai lokacin sauyawa, wanda ke ƙaruwa in an ƙara saurin kunna-kashen.

Matsaloli ma daga saurin nan suke fitowa. In ya yi ƙasa sosai, fitila kan yi ƙyaftawa, kuma kyamarar wayar salula kan nuna layuka masu duhu suna tafiya. Fanka kuwa sai ta riƙa siririn kuka, shi ya sa ake kai saurin wajen 20,000 a daƙiƙa, inda kunnen mutum ba ya ji. In an murɗa ƙasa fiye da kima, fankar ba ta samun ƙarfin tashi, sai gurnani da ɗumi; a fara da gudu mai ƙarfi sannan a rage. Dole kuma a sa diyod tsakanin wayoyin fankar biyu, domin naɗin wayar cikinta na mayar da wuta mai ƙarfi duk lokacin da aka yanke, abin da kan ƙona taranzistar. Irin wannan na'ura ta wutar batir ce, ba a haɗa ta da fankar silin mai bolt 220.