Tarin da ke dawowa bayan an warke daga tarin fuka

A ɗauki misalin manomi ɗan shekara 45. Ya sha maganin tarin fuka na wata shida bai tsallake ko kwana ɗaya ba, aka ce ya warke. Bayan shekara biyu tari ya dawo, yana ramewa, ga kasala, wata safiya ya ga jini a kakinsa. Aka gwada kakin da na'urar Jin-Eksfat, ba a ga ƙwayar tibi ba. Duk da haka, ganin kogo a hoton ƙirjinsa, sai aka ce ciwon ne ya dawo, aka sake ɗora shi a kan magani. Wata huɗu ana sha, jiki sai ƙara lalacewa yake.

Abin da ke cin mutumin nan wata funfuna ce mai suna asfajilus. Tana nan a ƙasa, da ruɓaɓɓen ganye, da juji, da hatsin da ya sha danshi a rumbu. Kullum muna shaƙar ƙurarta, lafiyayyen huhu yana share ta. Amma tarin fuka yakan bar kogo a saman huhu, wurin da huhun ba ya iya share kansa. Nan funfunar ke samun masauki. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka babu dalilin ware wa mai ita kwano.

Ba sabon abu ba ne. A Birtaniya, wani bincike da aka wallafa a 1968 ya duba mutum 544 da tarin fuka ya bar wa kogo, ya tarar da curin funfuna a kusan kashi 11 cikin ɗari. Bayan shekara uku adadin ya kai kashi 17.

Wani lokaci funfunar takan dunƙule ta zama curi ɗaya a kogo ɗaya, ta zauna shiru shekara da shekaru. Idan aka ɗauki hoton siti, mutum a rigingine sannan a kife, sai a ga curin ya sauya wuri, kamar tsakuwa a cikin gora. Wanda ya fi yawa, kuma shi ne na manomin namu, shi ne mai cin huhu a hankali: bangon kogon ya yi kauri, ya faɗaɗa, sababbin koguna su ɓullo. In an bar shi, huhun yakan ƙandare ya zama tabo, numfashi ya gagara. Akwai kuma mai saurin ɓarna cikin wata ɗaya zuwa uku, wanda ya fi kama masu ciwon sukari da masu raunin garkuwar jiki.

Hoto kaɗai ba ya raba gardama, domin shi da tarin fuka kama suke yi. Likita yakan haɗa alamun da suka kai wata uku, da abin da hoto ya nuna, da gwajin jini na asfajilus mai suna IgG, wanda ke kama fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon. Shuka kaki a ɗakin gwaji sau da yawa ba ya nuna komai. Abin takaici, gwajin jinin nan bai wadata a asibitocinmu ba. A ganina, duk wanda ya gama maganin tibi, tari ya dawo, kaki bai nuna ƙwayar ba, ya cancanci a nema masa shi kafin a sake ɗora masa wata shida.

Sake ɗorawar ba ɓata lokaci kawai ba ce. Rifamfisin, jigon maganin tibi, yana sa hanta ta narkar da maganin funfuna kafin ya yi aiki, don haka ba a haɗa su.

Maganin farko shi ne itirakonazol, miligiram 200 safe da yamma, aƙalla wata shida. Wani gwaji da aka yi a Indiya, aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ciwon ya dawo wa kashi 38 cikin ɗari na waɗanda suka sha wata shida, amma kashi 10 kacal a waɗanda suka cika shekara. Ana shan kafson bayan an ci abinci, kuma maganin gyambon ciki irin su omifirazol yana hana shi shiga jini sosai. Kumburin ƙafa, ko idon da ya yi rawaya, ko ƙafa ta riƙa mutuwa, alama ce ta a koma wurin likita maza. In bai karɓi mutum ba, sai a koma borikonazol. Fulukonazol kuwa, wanda ya cika kemis-kemis, ba ya taɓa asfajilus.

Jinin shi ne abin tsoro. Ɗan kaɗan, likita kan tsayar da shi da maganin taraneksamik. In ya kai rabin kofin shayi, asibiti za a nufa nan take, a kwantar da mutum ta ɓangaren huhun da ke ciwo don kada jinin ya malala cikin mai lafiyar. A manyan asibitoci ana iya toshe jijiyar da ke zubar da jinin. Mai curi ɗaya a kogo ɗaya kuwa, in sauran huhunsa na da ƙarfi, tiyatar cire ɓangaren takan raba shi da ciwon baki ɗaya.