Yaushe dutse ke zama dukiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar da ake haƙa a Gatawa ya ga yadda ƙasa ke fitowa hawa-hawa: rairayi, laka, sannan tsakuwa. Masu neman ma'adinai ma haka suke leƙa cikin ƙasa, sai dai raminsu siriri ne. Inji ke huda dutse ya zaro shi kamar sandar rake. A tsaga sandar biyu, a ajiye rabi, a kai rabi ɗakin gwaji.

Mu ɗauki misali da zinariya. A ce rami ya ratsa mita 2 masu giram 4 a kowane tan na dutse, da mita 6 masu giram 1. Da yawanmu za mu haɗa 4 da 1 mu raba biyu, mu ce 2.5. Kuskure ne, domin mai rauni ya fi kauri. Sai mu ninka kowanne da kaurinsa: 8 da 6 sun zama 14, a raba da mita 8, a sami giram 1.75.

Saura nauyi. Idan ramin na wakiltar fili mai tsawon mita 100 da faɗin 50, muna da kubik mita 40,000. Kubik mita ɗaya ta irin wannan dutse na kai tan 2.7, wato tan 108,000 ke nan, masu ɗauke da zinariya kilo 189. Amma mu lura, rami guda muka dogara da shi. Ƙwayar zinariya ɗaya da ta faɗo cikin samfur na iya kumbura lissafin. Shi ya sa ake ƙara ramuka kusa-kusa, a kuma sake gwada rabin da aka ajiye. In sakamakon biyu suka yi nisa da juna, akwai matsala.

Ba dukan dutsen ake kai wa injin niƙa ba. Akwai iyaka: mafi ƙarancin giram da zai biya kuɗin aikin tan ɗaya. In aikin na cinye kuɗin giram 1.5, mita 6 ɗin nan sun zama shara. Abin da ya rage tan 27,000 ne da kilo 108. In farashin zinariya ya ninka, iyakar ta sauko zuwa 0.75, sharar jiya ta koma dukiya, alhali dutsen bai canza ba.

Wannan ya faru a maƙwabtanmu. A Imouraren da ke jihar Agadez a Nijar akwai tarin yuraniyom mai girman gaske, amma kowane tan bai kai kilo ɗaya ba. Kamfanin Areva na Faransa ya sami lasisin haƙa a 2009. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011, farashi ya faɗi, aka jingine aikin a 2014, ma'aikata da dama suka koma gida.