Da Bakinsa Ya Ce Zai Zo

Musa ya ce: "Zan zo gobe." Idan Bahaushe zai kai wannan magana gaba, sai ya ce Musa ya ce zai zo washegari. "Zan" ta koma "zai" saboda mai magana ya sauya, amma lokacin aikatau yana nan yadda yake.

Faransanci bai yarda da wannan sauƙin ba, kuma a nan ɗalibai a Maradi da Damagaram suke yawan tuntuɓe. Musa ya ce: "Je viendrai demain." Mai ba da labari zai ce: "Il a dit qu'il viendrait le lendemain." Wakilin suna "je" ya zama "il", "demain" ta zama "le lendemain". Aikatau ma ya juya, domin "a dit" lokaci ne da ya wuce, shi ya ja "viendrai" ta koma "viendrait". Da "il dit" aka fara, wato yana faɗa yanzu, sai a bar shi "qu'il viendra".

A zancen baka ana jin "il a dit qu'il viendra" idan ranar zuwan ba ta yi ba tukuna. Amma ɗalibi, a takardar jarrabawa rubuta "viendrait".